Tambayoyi da amsoshi: yadda ake amsa tambayar korar ma'aikaci cikin minti 45, ta ɓangaren kamfani da ta ɓangaren ma'aikaci

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban dokar ƙwadago suke yawan yi idan jarrabawa ta matso, musamman a kan tambayar da ake ba ka labarin wanda aka kora daga aiki, a ce ka shawarci kamfanin, sannan ka juya ka shawarci ma'aikacin. Labari ɗaya za mu bi tun daga farko har ƙarshe, kuma da dokar Birtaniya za mu auna shi, domin dole amsa ta tsaya a kan dokar wata ƙasa takamaimai.

1. Wane labari za mu yi gwaji da shi?

Wani mai kula da sito ne, shekararsa 35, ya yi shekara 6 a kamfani mai ma'aikata 200, ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba. Ranar Litinin aka ƙirga kaya, aka tarar katan 40 sun ɓace. Na'urar ƙofar sito ta nuna da katinsa aka buɗe ranar Asabar da ƙarfe tara na dare. Ranar Talata manaja ya kira shi ofis ba tare da ya faɗa masa dalilin kiran ba. Ya ce ya ara wa abokin aikinsa katin ne saboda na abokin ya lalace, kuma shugaban sashensu ya san ana irin wannan aron. Manaja bai tambayi abokin aikin ba, bai tambayi shugaban sashen ba, bai kuma duba kyamarar tsaro ba, wadda take goge hotunanta bayan kwana 14. Zaman bai wuce minti goma ba, aka kore shi a ranar babu notis, takardar kora ta ce sata.

Akwai ƙarin abubuwa huɗu. Littafin dokokin kamfanin ya sa aron kati cikin manyan laifuffuka. Ma'aikacin ya ɗaukaka ƙara a cikin kamfani, amma manajan da ya kore shi ne ya saurare shi. Wata biyu kafin korar ya kai ƙorafi a rubuce cewa an hana shi kuɗin ƙarin lokacin da ya yi. Bayan mako uku da korarsa kuma, kamfani ya gano ya taɓa ara katin sau biyu a baya. Babu jimla ɗaya a nan da aka sa don ado. Kowace akwai makin da aka ɓoye a ƙarƙashinta.

2. Me ake nufi da korar rashin adalci? Ba ita ce kora babu notis ba?

Ƙara biyu ce daban, kuma ɗalibai da yawa a nan suke fara zubar da maki. Ƙarar kora babu notis ƙara ce ta karya yarjejeniyar aiki. Abin da kotu take tambaya a cikinta shi ne: shin ma'aikacin ya aikata babban laifin da zai halatta a kore shi nan take? Idan bai aikata ba, a biya shi kuɗin notis ɗinsa. A ƙarƙashin sashe na 86 na Dokar Haƙƙin Aiki ta 1996, wanda ya yi shekara 6 yana da notis na aƙalla mako 6, wato mako ɗaya a kan kowace shekara, iyaka mako 12.

Ƙarar rashin adalci kuwa doka ce ta ƙirƙiro ta, sashe na 94 ya ba ma'aikaci haƙƙin, sashe na 98 ya kafa ma'aunin. A nan idon kotu yana kan kamfani ne: wane dalili ya sa ya yi korar, kuma ya bi hanyar da mai hankali zai bi? Ana iya biyan mutum notis ɗinsa cif, korar ta zama ta rashin adalci duk da haka. A amsarka ka ware wa batun notis ɗan sakin layi guda a ƙarshe, kada ka cuɗa su. Amsa ta 8 ta nuna inda bambancin yake yin aiki a labarinmu.

3. Idan jarrabawata ba a kan dokar Birtaniya take ba fa?

Ƙashin bayan amsar ba ya canzawa sosai. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce ba a korar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili da ya shafi iyawarsa, ko halinsa, ko buƙatar tafiyar da aikin. Ta ce a ba shi damar kare kansa kafin a kore shi a kan hali ko rashin ƙoƙari, kuma idan an same shi da gaskiya a mayar da shi aiki ko a biya shi diyya. Dalili, hanya, magani: a kan waɗannan uku za ka jera amsarka ko da wace doka ce. Sai dai yarjejeniyar ba ta ɗaure ƙasar da ba ta amince da ita ba, Birtaniya ma ba ta amince da ita ba. Don haka ka nemo sassan dokar da aka koyar da kai, ka sa su a gurbin waɗanda ke nan.

4. Yaya zan raba minti 45 ɗin?

Minti 7 na farko kada ka rubuta amsa ko layi ɗaya. Ka karanta labarin sau biyu. A karatu na biyu ka sa alama a gefen kowace jimla: wannan ta kamfani ce, wannan ta ma'aikaci ce, wannan ta duka biyun ce. Na ukun nan su ne suka fi daraja. Littafin dokoki, alal misali, makami ne a hannun kamfani, amma maganar cewa shugaban sashe ya san ana aron kati tana dushe kaifinsa.

Daga nan minti 3 sun isa ka kawar da batutuwan bakin ƙofa: ma'aikaci ne na ainihi, an kore shi ƙarara, ya cika wa'adin aikin da doka take nema kafin a shigar da ƙara. Wannan wa'adi yana canzawa, a 2012 aka ɗaga shi daga shekara ɗaya zuwa biyu, saboda haka ka rubuta wanda yake aiki a shekarar jarrabawarka. Shekara 6 ta wuce shi ko ta yaya, jimla ɗaya ta wadatar. Sai minti 12 ga kamfani, minti 12 ga ma'aikaci, minti 7 ga diyya, minti 4 ga ra'ayinka na ƙarshe da batun notis. Abin da na fi gani a takardun gwaji shi ne ɗalibi ya kwashe minti 25 yana kare ma'aikaci, don zuciyarsa tana can, sai ɓangaren kamfani ya zo a layi biyar da rubutun gaggawa. Ka ajiye agogo a gabanka, idan minti 12 sun cika ka rufe jimlar ka tsallaka, ko da akwai sauran magana a bakinka.

5. Me zan rubuta a ɓangaren kamfani? Ni dai ina ganin ba su da gaskiya.

Ko da kana ganin haka, a minti 12 ɗin nan kai lauyansu ne, kuma suna da abin faɗa fiye da yadda kake zato. Ka fara da dalili. Nauyin nuna dalilin kora yana kan kamfani, kuma sashe na 98 ya lissafa dalilan da za a iya karɓa: iyawa, hali, rage ma'aikata, haramcin doka, ko wani dalili mai ƙarfi. Namu hali ne. Da an nuna wannan, tambayar ko an yi adalci ba ta da nauyi a kan kowane ɓangare, kotu ce take aunawa.

Sai ka kawo shari'ar Burchell ta 1978, wadda ta kafa tambayoyi uku a korar da ta shafi laifi. Kamfani ya yarda da gaske cewa ma'aikacin ya aikata? Yana da hujja mai ma'ana ta yarda da hakan? Ya yi binciken da ya dace da yanayin kafin ya yanke? Ka lura babu tambayar ko ya yi satar a zahiri. Kamfani ba kotun laifi ba ne, ba a neman ya tabbatar babu kokwanto. Ga yadda sakin layin zai iya fita:

"Kamfani zai ce manaja ya yarda da gaske, kuma yardarsa tana da tushe: ranar Litinin an tarar katan 40 sun ɓace, na'ura ta nuna katin ma'aikacin a daren Asabar. Ma'aikacin da bakinsa ya amsa cewa ya ba wani katin, abin da littafin dokoki ya kira babban laifi. Mai kula da sito aikinsa amana ne, don haka kora tana cikin matakan da kamfani mai hankali zai iya ɗauka."

Jimlar ƙarshen nan daga shari'ar Iceland Frozen Foods ta 1982 ta fito. Ta ce a kan laifi ɗaya wani kamfani mai hankali zai iya kora, wani mai hankali ya tsaya a gargaɗi, kuma kotu ba za ta sa ra'ayinta a gurbin na kamfani ba matuƙar matakin yana cikin wannan fili. Ita ce garkuwar kamfani mafi ƙarfi. Amma shawara ta gaskiya ba ta ɓoye rauni, don haka ka rufe da gaya wa kamfani cewa a tambaya ta uku, ta bincike, ƙafarsa ba ta kan ƙasa, kuma fatansa ya fi ƙarfi a wajen rage diyya, kamar yadda amsa ta 9 ta nuna.

6. A ɓangaren ma'aikaci kuma, sai in maimaita dokar daga farko?

A'a, ka riga ka shimfiɗa ta, yanzu amfani za ka yi da ita. Ka ce "a kan tambaya ta uku ta Burchell da aka ambata a sama", ka shiga kai tsaye. Ma'aikacin ya ba da bayani takamaimai wanda za a iya tantancewa da tambaya biyu da kallon hoto ɗaya. Ranar Talata kwana 3 kacal aka yi da faruwar abin, saura kwana 11 kyamara ta goge. Hujjar da za ta wanke shi ko ta kama shi tana nan a ajiye, ba wanda ya duba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma abin da manaja yake da shi a ranar bai wuce zato mai ƙarfi ba. Sashe na 98 ya ce a duba girman kamfani da ƙarfin gudanarwarsa, kamfani mai ma'aikata 200 ba zai ce ba shi da wanda zai kalli hoton dare ɗaya ba. Kuma zargin sata yana iya bin mutum zuwa duk inda ya nemi aiki, don haka binciken da ake tsammani ya fi na ƙaramin laifi zurfi.

Akwai wata gaɓa da ɗalibai kaɗan suke gani, kuma ita ce take bambanta amsa mai kyau da mai matuƙar kyau. Takardar kora ta ce sata. Aron kati laifi ne daban. Idan dalilin da yake zuciyar manaja a ranar sata ne, kamfani zai sha wuya idan ya zo kotu yana jingina da aron kati, domin ba a tuhume shi da shi ba, ba a ba shi damar kare kansa a kai ba. Ko da an yarda aron yana cikin dalilin, idan shugaban sashe ya san ana yi ya kawar da kai, ma'aikaci zai ce an bar dokar ta mutu a aikace, sai ranar da ake neman wanda za a ɗora wa laifi aka farfaɗo da ita.

Daga nan ka zo kan hanya. Ƙa'idar ladabtarwa ta Acas, hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta Birtaniya, tana so a sanar da ma'aikaci zargin a rubuce, a ba shi lokacin shiri, a gaya masa yana da damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, sannan ɗaukaka ƙara ta je hannun wanda bai shiga maganar ba inda hakan zai yiwu. Kada ka jera su kawai, ka haɗa kowace da abin da ya faru: kira babu dalili, zaman minti goma, mutum ɗaya ya bincika, ya yanke, ya kuma saurari ƙara a kan hukuncinsa. Ɗaukaka ƙara ta gaskiya tana iya gyara kuskuren zaman farko, ka faɗi haka, sannan ka nuna cewa wannan ba ta gyara komai ba.

7. Ƙorafin kuɗin ƙarin lokacin nan, tarko ne ko batu ne na gaske?

Batu ne da ya cancanci sakin layi guda, ba shafi ba. Sashe na 104 ya ce idan babban dalilin kora shi ne ma'aikaci ya yi zargin an take masa wani haƙƙin da doka ta ba shi, kamar hana shi albashin da ya cancanta, korar ta zama ta rashin adalci kai tsaye, ba a ma zuwa ga tambayar ko kamfani ya yi aiki da hankali. Ma'aikaci zai nuna kusancin lokaci, wata biyu, da irin gaggawar da aka yi. Kamfani zai ce kayan sun ɓace da gaske, na'ura ba ta san ya kai ƙorafi ba, kuma labarin bai ce manajan nan ne aka kai wa ƙorafin ba. A ganina wannan da'awa tana da rauni a kan bayanan da aka bayar. Ka faɗi haka, ka ƙara da cewa za ta yi ƙarfi idan aka gano manajan ne ƙorafin ya shafa.

8. Abin da aka gano bayan mako uku, zai iya wanke kamfani?

A ƙarar rashin adalci ba zai wanke shi ba. Shari'ar Devis da Atkins ta 1977 ta tabbatar cewa ana auna kora da abin da kamfani ya sani lokacin da ya yi ta. Labarin bai ce an gano aron baya kafin a kammala ɗaukaka ƙara ba, don haka ka ɗauke shi a matsayin abin da ya zo daga baya. Amma bai tafi a banza ba, domin kotu tana iya duba shi wajen rage diyya.

A ƙarar notis kuwa abin ya juya, kamar yadda amsa ta 2 ta fara nunawa. Can kotu da kanta take yanke ko ya aikata babban laifi, kuma kamfani yana da damar kawo laifin da ya gano bayan kora. Sata dai babu hujjar da ta isa. Aron kati sau uku shi ne abin jayayya, kuma sanin shugaban sashe zai sake dawowa. Idan kamfani ya kasa, mako 6 suna kansa.

9. Yaya zan yi lissafin diyya alhali ba a ba ni albashinsa ba?

Ka yi da watanni da makonni. Ka fara ambaton cewa kotu tana duba mayar da shi aiki tukuna, amma inda aka yi zargin sata kuma amana ta karye, da wuya a ga hakan zai yiwu. Diyya kashi biyu ce. Ta tushe da lissafi ake fitar da ita: albashin mako ɗaya a kan kowace shekarar da ya yi yana tsakanin 22 da 40, wato mako 6 a nan, bisa iyakar albashin mako da doka ta sa. Ta biyu ita ce ta asarar da ya yi, kuma a nan ne ɓangarorin suke fafatawa.

Shari'ar Polkey ta 1987 ta ce kamfani ba zai tsira daga hukunci da cewa ko an bi hanya sakamakon ɗaya ne ba, amma wannan magana tana iya rage diyyar asara. A ɗauka asararsa albashin wata 10 ne. Idan kotu ta ga akwai yiwuwar kashi 40 cikin 100 da an kore shi bisa adalci ko da an bi hanya, saura wata 6. Saɓa ƙa'idar Acas babu uzuri yana iya jawo ƙari har kashi 25 cikin 100, ya zama wata 7 da rabi. Sannan a rage saboda nasa laifin na ara kati, a ce kashi 20 cikin 100, ya koma wata 6. Waɗannan kason misali ne, abin da ake ba maki a kai shi ne jerin da dalilin kowane mataki. Lauyan ma'aikaci zai ce kada a hukunta shi sau biyu a kan aron kati ɗaya, lauyan kamfani zai tambayi ko ya nemi wani aiki don rage asararsa.

10. Zan iya cewa ni da ni ne manaja da gargaɗi zan ba shi?

A dokar Birtaniya wannan jimla maki take zubarwa, saboda abin da amsa ta 5 ta faɗa a kan Iceland. Ka rubuta "babu kamfani mai hankali da zai kori mutum a kan sata bai duba kyamara ba", kada ka rubuta "ni da ba zan kora ba". Amma ka san dokar da kake amsawa a kanta. A Afirka ta Kudu, Kotun Tsarin Mulki ta yanke a shari'ar Sidumo ta 2007 cewa mai sauraren ƙara shi da kansa zai auna ko kora ta dace, ba sai ya rusuna wa hukuncin kamfani ba. A can, shekara 6 babu gargaɗi za su fi yi wa ma'aikacinmu amfani.

11. Bayan na kare duka biyun, dole in faɗi wanda zai yi nasara?

Dole ne, kuma minti 4 na ƙarshe na wannan ne. "Kotu ce za ta yanke" ba shawara ba ce, wanda ya zo wurinka ya san da haka tun daga gida. A labarinmu ka rubuta cewa mai yiwuwa ƙwarai a sami korar ta rashin adalci saboda ƙarancin bincike da karkatacciyar hanya, da'awar sashe na 104 tana da rauni, kuma diyyar asara za ta ragu saboda Polkey da nasa laifin. Ka shawarci kamfani ya nemi sulhu, ka shawarci ma'aikaci ya lura da wa'adin shigar da ƙara na sashe na 111, ya fara tuntuɓar Acas kamar yadda doka ta wajabta, ya kuma adana shaidar duk aikin da ya nema.

12. Yaya zan gane gwajin da na yi a gida ya yi kyau, tunda babu mai duba mini?

Ka ɗauki biro mai wata kala ka koma kan labarin amsa ta 1. Duk bayanin da ka yi amfani da shi a amsarka ka soke shi. Idan kwana 14 na kyamara, ko ma'aikata 200, ko kalmar sata da ke takardar kora sun rage ba a soke ba, can makinka ya zube. Sannan ka ƙirga layukan da ka ba kowane ɓangare, idan ɗaya ya ninka ɗaya to agogo ya fi ƙarfinka. A gwaji na gaba ka canza abu ɗaya tak, ka ce manaja ya duba kyamara ya ga ma'aikacin da kansa yana fita da katan, amma sauran hanyar tana nan yadda take. Ka sake saita minti 45, ka ga yadda ɓangaren bincike zai koma hannun kamfani, ragin Polkey kuma ya hau zuwa kusan kashi 100.